Yadda ake gyara bayanin tasha, allon sama da kalmomin nema a YouTube

Wanda ya kalli bidiyonka ɗaya ya ji daɗinsa yakan taɓa sunan tashar don ya ga wane ne wannan. Abin da zai tarar a saman shafin kaɗan ne: dogon hoton nan na sama da muke kira allon sama, hoton fuska, suna, sai layi guda na bayani da aka datse shi da kalmar more. Da waɗannan zai yanke shawara ko ya danna Subscribe ko ya koma inda ya fito. Bayan su akwai wani akwati da mai kallo ba ya gani, wanda aka tanada don kalmomin nema. Wuraren nan uku ba mai karatu ɗaya gare su ba. Bayanin tasha mutum yana karanta shi, injin bincike ma yana karantawa. Allon sama na idon mutum ne. Akwatin kalmomi kuwa na inji ne kawai. Aikin shi ne a sa su duka su faɗi magana guda, kuma da kalmomin da masu kallo ke rubutawa da yatsunsu.

Domin a ga abin a aikace, za mu ɗauki misalin tasha guda mu bi ta daga farko har ƙarshe: tashar koyar da kiwon kaji a gida da Hausa, wadda ake ɗaukar bidiyonta a Zariya.

## Kafin ka taɓa komai, nemo kalmomin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe wurin rubutu ya fara zubo abin da ke kansa. Abin da ke kanka a matsayinka na masani ba lallai ya zo daidai da abin da mai nema ke rubutawa ba. Kai kana iya cewa "kula da lafiyar tsuntsayen gida", shi kuwa wanda kajinsa ke mutuwa zai rubuta "maganin kaji". Saboda haka matakin farko takarda ce da biro.

Buɗe YouTube a waya, shiga wurin bincike, rubuta "kiwon" ka dakata. Jerin da zai sauko ƙasa yana fitowa ne daga abubuwan da mutane ke nema. Kwafe waɗanda suka shafi tasharka. Sake rubuta "kiwon kaji" ka bar tazara, ka ga abin da ya biyo baya. Sannan gwada "yadda ake kiwon", da "abincin kaji", da "kajin". Yana da kyau a yi wannan ba tare da an shiga da akawun ba, ko a yanayin Incognito, domin kada abubuwan da kai ka taɓa nema su cika jerin su ruɗe ka.

A nan ne mai tashar Hausa yake da aikin da mai tashar Turanci ba shi da shi. Yawancin mutane ba sa rubuta haruffa masu ƙugiya a waya. Wanda ke neman "ƙwai" zai rubuta "kwai", mai neman "haɗa" zai rubuta "hada", "'yan tsaki" kuma ya zama "yan tsaki". Ga bambancin bakin mutane: wani "yadda ake" yake rubutawa, wani "yanda ake". Wani ya ce kajin gidan gona, wani ya ce kajin turawa. Wani kuma Hausa yake ji amma da Turanci yake bincike, sai ya liƙa kalmar Hausa a ƙarshe domin a fito masa da abin da zai fahimta. Idan kana da masu kallo a Maraɗi ko Damagaram, wasunsu da Faransanci za su haɗa. Gwada kowane salo a wurin binciken, ka lura da wanda ya fi fito da jeri mai tsawo da bidiyoyi irin naka.

Idan tashar ta riga ta kwana biyu tana da masu kallo, akwai shaida mafi ƙarfi. Shiga studio.youtube.com, danna Analytics, sannan Advanced mode, ka zaɓi Traffic source, ka danna YouTube search. Za ka ga ainihin kalmomin da mutane suka rubuta suka iso bidiyoyinka. Faɗaɗa lokacin zuwa kwana 90 ko shekara guda, don kwana 28 ya yi kaɗan ga ƙaramar tasha. Sau da yawa a nan mai tasha yake gano cewa abin da ya ɗauka shi ne jigon tasharsa ba shi ke kawo mutane ba.

Daga duk abin da ka tara, zaɓi jimla guda ta zama uwa. A misalinmu ita ce "kiwon kaji". Sai ka ware guda huɗu ko biyar su zama 'ya'yanta: abincin kaji, rainon 'yan tsaki, rigakafi, kaji masu ƙwai, lissafin riba. Ma'aunin zaɓen ɗaya ne: kana da bidiyo a kan abin, ko kana da niyyar yin sa nan kusa? In babu, cire shi komai yawan masu nemansa.

## Bayanin tasha

A kwamfuta hanyar ita ce YouTube Studio, Customization, sannan Profile, ka gangara zuwa Description. A waya kuma ka buɗe shafin tasharka a manhajar YouTube ka taɓa alamar fensir. An ba ka haruffa 1,000, har da tazara. Idan ka gama a kwamfuta sai ka danna Publish a sama ta dama, in ba haka ba duk abin da ka rubuta ya tafi a banza.

Haruffa dubu ɗin nan ba darajarsu ɗaya ba. A da akwai shafin About mai zaman kansa a jerin shafukan tasha. Tun 2023 aka cire shi, yanzu farkon bayanin ne kawai ke bayyana a ƙarƙashin suna, sauran sai an taɓa more. Haka ma idan tashar ta fito a sakamakon bincike, farkon bayanin ne ake nunawa. Mutane kaɗan ne ke taɓa more. Ke nan layin farko shi ne kusan duk abin da baƙo zai karanta.

To ga yadda tashoshinmu da yawa ke kashe wannan layin: "Assalamu alaikum 'yan uwa barkanku da zuwa wannan tasha mai albarka, muna fatan…" sai rubutun ya yanke. Sallama abu ne mai kyau, kuma babu mai cewa a bar ta. Amma wurinta farkon bidiyo ne, inda kake magana da mutum baki da baki. A nan allon shago kake rubutawa, kuma mai shagon ɗinki ba ya cika allonsa da gaisuwa ya manta bai rubuta ɗinki ba. In ranka bai kwanta ba sai da sallama, sa ta a sakin layi na biyu.

Ga yadda bayanin tashar misalinmu zai kasance:

> Kiwon kaji a gida da harshen Hausa: daga 'yan tsaki har zuwa ranar sayarwa.
>
> Wannan tashar ta masu kiwon kaji 20 zuwa 500 ce a cikin gida ko ƙaramar gona. Muna nuna yadda ake rainon 'yan tsaki a makon farko, yadda ake haɗa abincin kaji da masara da waken suya da dusa, lokutan rigakafi, da lissafin riba kafin a zuba jari. Muna taɓa kajin gidan gona na nama da masu ƙwai, da kajin Hausa.
>
> Sabon bidiyo duk ranar Asabar. Idan yau ka fara zuwa, fara da jerin "Makon farko na 'yan tsaki".
>
> Muna ɗaukar bidiyonmu a Zariya. Ba ma duba kaji ta waya: idan suna mutuwa, a nemi likitan dabbobi mafi kusa.

Duba layin farko da kyau. Haruffansa 75 ne, kuma kalmomi biyun farko su ne uwar jimlar nan da muka zaɓa. Ko da ƙaramar waya ta datse shi a tsakiya, "Kiwon kaji a gida da harshen Hausa" ya riga ya fita, kuma wannan ya wadatar. An faɗi abin da ake koyarwa, an faɗi harshen. Ambaton harshen ba ado ba ne: mai binciken da ya liƙa kalmar Hausa a ƙarshen tambayarsa ita yake son gani.

Sakin layi na biyu yana amsa tambayar da baƙo ke yi a ransa, wato ko tashar tawa ce. Adadin nan na 20 zuwa 500 yana aiki biyu. Matar aure mai kaji talatin a bayan ɗaki ta san da ita ake, mai gonar kaji dubu goma kuma ya san ba nan zai samu abin da yake nema ba. Kada ka ji tsoron korar wanda tashar ba tasa ba ce. Wanda ya danna Subscribe bisa kuskure ba zai riƙa kallo ba, kuma tarin masu bibiya da ba sa kallo ba ya amfanar tasha da komai. A cikin wannan sakin layin ne kuma 'ya'yan jimlar suka shigo, kowacce sau ɗaya, a cikin magana mai ma'ana. Ba a jera su kamar kayan lefe ba.

Sakin layi na uku alkawari ne da nuna ƙofa. Ranar da ka rubuta, ka tabbata za ka iya cika ta. Bayanin da ke cewa "sabon bidiyo kullum" alhali bidiyon ƙarshe ya yi wata huɗu yana gaya wa baƙo cewa tashar ta mutu. Idan ba ka da tsayayyar rana, bar maganar gaba ɗaya. Nuna wa sabon zuwa inda zai fara kuwa yana da amfani ƙwarai ga tashar koyarwa, domin wanda ya tarar da bidiyo ɗari bai san ta ina zai kama ba.

Sunan gari yana da muhimmanci idan abin da kake koyarwa ya danganta da wuri. Farashin masara, zafin bazara da sanyin hunturu duk suna shafar kiwon kaji, don haka mai kallo yana son ya san daga ina ake magana. Tashar da ke koyar da nahawun Larabci ba ta da wannan bukatar.

Batun haruffa masu ƙugiya: a cikin bayanin rubuta Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ, domin mutum ne zai karanta, kuma rubutu mai tsafta yana jawo yarda. Salon da babu ƙugiya ka ajiye shi don akwatin kalmomi. Idan Allah ya taimake ka uwar jimlarka ba ta da ƙugiya ko ɗaya, kamar "kiwon kaji", ka huta. Idan tana da ita, kamar "ɗinki", to ka gwada salon biyu a wurin bincike ka ga ko sakamakonsu ya bambanta, kuma ka tabbata salon da mutane suka fi rubutawa ya shiga akwatin kalmomi da taken wasu bidiyoyin.

Abin da ba a so a ƙasan bayani shi ne tulin kalmomi: sunayen 'yan fim, 'yan ƙwallo, mawaƙa, "labaran duniya", duk a tashar kaji. Dokokin YouTube sun hana bayanan da ke yaudarar mai kallo game da abin da ke ciki, kuma ko ba a hukunta ka ba, ka ɓata wa injin fahimtar tasharka, ka kuma zubar da mutuncinta a idon wanda ya taɓa more.

A shafin Profile ɗin nan akwai wasu abubuwa uku da ke tafiya da bayanin. Na farko Add language, wanda ke ba ka damar rubuta sunan tasha da bayaninta da wani harshe, sai a nuna shi ga wanda ya saita manhajarsa a wannan harshen. Yi hattara a nan. Hausawa da yawa manhajarsu a Turanci take, don haka idan ka ƙara fassarar Turanci, ita za su gani maimakon Hausar da ka wahala a kanta. Ga tashar da masu kallonta Hausawa ne zalla, gara a bar bayanin da Hausa shi kaɗai. Na biyu Links, inda za ka iya sa mahaɗi har 14, amma na farko ne ke fitowa fili a saman shafi, don haka ka ɗora wanda ya fi muhimmanci a kai. Na uku Contact info, wurin adireshin imel na harkar kasuwanci. Sa shi a nan, ba cikin bayanin ba. Lambar wayarka ta gida kuma ka yi tunani sosai kafin ka sa ta a bainar jama'a, domin da zarar ta shiga hannun mutane ba ta dawowa.

## Allon sama

A Profile ɗin dai, wurin da aka rubuta Banner image. Hoton dole ya kai faɗin fiksel 2048 da tsayin 1152 aƙalla, girman da aka fi so shi ne 2560 da 1440, nauyinsa kuma kada ya wuce megabait 6.

Abin da ke rikita mutane shi ne hoto guda ake ɗorawa amma kowace na'ura da yadda take yanka shi. Talabijin yana nuna shi duka. Kwamfuta tana nuna siririn yanki daga tsakiya mai faɗi sosai. Waya tana nuna wannan siririn yankin amma ta sake datse gefe da gefe. Wurin da kowa ke gani shi ne tsakiyar tsakiya: a hoto mai 2048 da 1152, faɗinsa 1235 ne tsayinsa 338. A hoto mai 2560 da 1440 kuma ya kama kusan 1544 da 422.

Ga yadda za ka fitar da shi a manhajar zane, ko Canva ce ko wata. Buɗe fili mai 2560 da 1440. Zana akwati mai faɗin 1540 da tsayin 420, ka daidaita shi a tsakiyar filin ta kowane ɓangare. Za ka ga ya bar kusan fiksel 510 a hagu, a dama, a sama da ƙasa. Duk rubutu da fuska da tambari su zauna cikin akwatin nan, kuma kada su manne da bakinsa. Abin da ke wajensa ya zama shimfiɗa kawai, launi ko hoton da in an yanke shi ba a yi asara ba. Idan ka gama, goge akwatin kafin ka fitar da hoton. Lokacin ɗorawa YouTube zai nuna maka layukan abin da ake gani a talabijin, a kwamfuta da kuma a kowace na'ura. Kada ka wuce wannan matakin da sauri.

Yanzu maganar kalmomi. Rubutun da ke cikin allon hoto ne, ba rubutun da aka buga a akwati ba, saboda haka kada ka dogara da shi wajen fitowa a bincike. Cusa kalmomin nema goma a kansa ba zai ɗaga tashar ba, sai dai ya sa a kasa karanta ko ɗaya. Amfaninsa shi ne ya tabbatar wa wanda ya iso cewa bai ɓata hanya ba. Ya rubuta "kiwon kaji", ya kalli bidiyo, ya taɓa suna, sai ya ga "kiwon kaji" da manyan haruffa. Zuciyarsa ta kwanta.

A tashar misalinmu layi biyu sun isa. Babban layi: KIWON KAJI A GIDA. Ƙaramin layi a ƙasansa: Darasi da Hausa duk Asabar. A gefen dama cikin akwatin, hoton hannu riƙe da ɗan tsako, ko fuskar mai tashar idan shi ke fitowa a bidiyoyin. Ba a bukatar maimaita sunan tashar idan sunan mutum ne, domin yana nan a rubuce ƙasa da allon. Wurin ya fi dacewa da faɗin abin da ake yi.

Ka tuna faɗin wayar da ke hannun mai kallo bai fi tafin hannu ba. Akwatin nan mai fiksel 1540 zai matse ya koma wannan faɗin, don haka rubutun da ya yi kyau a fuskar kwamfuta yana iya zama kamar tururuwa a waya. Babban layin ya ci kamar kashi ɗaya cikin uku na tsayin akwatin, ƙaramin kuma kada ya gaza rabin babban. Launi ya bambanta sosai da na baya: fari a kan kore mai duhu yana fita, rawaya a kan fari ba ya fita, musamman ga wanda ke duba waya a rana. Idan shimfiɗar hoto ce mai hayaniya, kamar kaji ɗari a cikin keji, sa duhu-duhu a bayan rubutun.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu. Salon haruffa da yawa na ado ba su da ƙ, ɗ, ɓ. Ka rubuta "ƙwai" sai harafin farko ya fito a wani salo daban, siriri a cikin masu kauri, ko ya zama ɗan akwati fanko. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ" da shi ka gani. Noto Sans yana ɗauke da su duka. Idan salon da ka ƙwallafa rai a kansa ba shi da su, canza salon, kada ka lalata rubutun.

Wani abu da ya tsufa: a da mahaɗan shafukan sada zumunta suna fitowa a kusurwar allon ta ƙasa a dama, har mutane suna zana kibiya tana nuna su. An cire wannan a 2023. Idan allonka yana da irin kibiyar nan, yanzu iska take nunawa. Haka kibiyar da ke nuna maɓallin Subscribe, domin mazauninsa ya bambanta tsakanin waya da kwamfuta.

Bayan ka danna Publish, karɓi waya biyu ko uku na mutanen gida, har da mafi ƙanƙanta, ka buɗe tashar. Idan hoton ya yi dishi-dishi, yawanci dalilin shi ne ya bi ta WhatsApp daga hannun mai zane, kuma WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi a matsayin hoto. Ka ce a turo maka shi a matsayin Document. Idan kuma YouTube ya ƙi karɓa, duba girman: ko bai kai 2048 da 1152 ba, ko ya haura megabait 6. Fitar da shi a JPG maimakon PNG yakan sauke nauyin.

## Akwatin kalmomin tasha

Wannan ba ya cikin Customization. Yana Settings, Channel, Basic info, sannan Keywords. A burauza ake samunsa, don haka mai aiki da waya sai ya buɗe studio.youtube.com a Chrome ya kunna Desktop site. Iyakarsa haruffa 500. Kana rubuta jimla ka sa waƙafi, sai ta dunƙule ta zama guda. Idan ka gama danna Save. A shafin nan kuma akwai Country of residence, ka zaɓi ƙasar da kake zaune da gaske.

Gaskiyar magana, nauyin wannan akwatin bai kai yadda masu sayar da dabarun YouTube ke zuzuta shi ba. Game da kalmomin da ake liƙa wa bidiyo ma YouTube da kansa ya ce rawarsu wajen gano bidiyo ƙarama ce, sai dai inda ake yawan kuskuren rubuta kalma. Take, hoton bango da bayanin bidiyo sun fi su tasiri. Amma wannan togaciyar ta kuskuren rubutu ita ce ta sa akwatin ya fi amfani ga mai Hausa, tunda kalma guda tana da salon rubutu biyu ko uku a hannun mutanenmu. Nan ne ma'ajiyar salon da ba za ka so ya bayyana a bayaninka ba.

Na tashar misalinmu zai kasance kamar haka:

```
kiwon kaji, yadda ake kiwon kaji, yanda ake kiwon kaji,
kiwon kaji a gida, kajin gidan gona, kajin Hausa, yan tsaki,
abincin kaji, hada abincin kaji, rigakafin kaji,
kaji masu kwai, kaji masu ƙwai, poultry farming Hausa,
élevage de poulets haoussa
```

Guda 14 ne, ba su kai haruffa 300 ba, kuma babu dole sai an cike 500. Kowacce jimla ce da mutum zai iya rubutawa, ba kalma tilo ba. "Kaji" ita kaɗai ba ta bambanta mai kiwo da mai neman girkin farfesu ba, "Hausa" ita kaɗai kuma ta haɗa fim da waƙa da labarai. Ta Turanci guda ɗaya ce, ta Faransanci guda ɗaya, kuma ita ma sai idan Analytics ya nuna kana da masu kallo a Nijar, Kamaru ko Chadi. Ƙara sunan tasharka da yadda ake yawan kuskuren rubuta shi. Kada ka sa sunan wata babbar tasha da fatan cin albarkacinta, wanda ya nemi waccan ita za a ba shi.

Kuskuren da ake yawan yi wajen shigarwa shi ne sa waƙafi bayan kowace kalma, sai "kiwon kaji a gida" ta tarwatse ta koma "kiwon" da "kaji" da "a" da "gida". Duba dunƙulallun bayan ka rubuta, kowanne ya kasance cikakkiyar jimla.

## Suna da laƙabin @

Duk wannan aikin yana raunana idan sunan tashar bai taimaka ba. Suna irin "Wane TV" ba ya gaya wa kowa komai, kuma irinsa sun yi yawa. Idan ba ka son rabuwa da sunanka, haɗa shi da sana'ar: sunanka, sannan Kiwon Kaji. Laƙabin da ke farawa da @ yana ɗaukar haruffa 3 zuwa 30. Zaɓi wanda za a iya faɗa da baki a rubuta daidai, ba tare da ƙugiya ko dogon jerin lambobi ba, domin da yawan masu zuwa wani ne ya gaya musu a kasuwa ko a saƙon murya. Ana iya canza suna sau biyu cikin kwana 14, haka ma laƙabin, amma yawan canzawa yana ɓatar da waɗanda suka san ka da na da.

## Yadda za ka gane ko gyaran ya yi aiki

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura. Miƙa wa wani da bai san tashar ba wayarka, shafin a buɗe, ka ƙirga biyar ka karɓe. Tambaye shi me ake yi a nan, kuma don wa. Idan ya ce "kiwon kaji ake koyarwa, na gida", allo da layin farko sun yi aikinsu. Idan ya ce "kamar dai harkar noma ce", koma ka gyara. Yi wannan da mutum uku, kuma a samu mace a ciki idan mata na cikin waɗanda kake yi dominsu.

Na biyu, rubuta ranar da ka yi gyaran a littafi, ka bar komai yadda yake na wata guda aƙalla. Sannan ka koma Traffic source ka kwatanta kwana 28 na bayan gyara da 28 na gabansa. Duba ko kalmomin da ke ƙarƙashin YouTube search sun fara kama da waɗanda ka zaɓa, da kuma ko sababbin masu danna Subscribe sun ƙaru idan aka auna da yawan kallo. Ka yi adalci wajen karanta alƙaluman: idan a cikin watan wani bidiyo ya yi farin jini, ko Sallah ta matso kowa yana neman kaji, tashin da ka gani ba lallai daga bayanin ya zo ba.

Idan ka rubuta uwar jimlarka a wurin bincike, ka tace sakamakon zuwa tashoshi kawai, amma taka ba ta fito ba bayan makonni, kada ka koma kana ƙara kalmomi a akwati. Buɗe shafin Videos ka karanta taken bidiyo goma na ƙarshe. Idan bayanin yana cewa kiwon kaji amma a cikin goman akwai bikin ƙanwa, sharhin ƙwallo da ziyarar kasuwar waya, to matsalar tana nan, domin bidiyoyin sun fi bayanin ƙarfi wajen nuna ko tashar ta mece ce. Ko dai ka mayar da waɗancan Unlisted, wato ka ɓoye su daga shafin tasha da bincike, ka buɗe musu wata tashar, ko ka sake rubuta layin farko ya dace da abin da kake ɗorawa da gaske.